Sati 12 kafin FR ta ACCA: yadda mai aikin ofis zai raba karatunsa

Bari in fara da abin da ya kayar da ni a zaman farko, don shi ne dalilin wannan rubutun. Na shiga FR, wato takardar Financial Reporting ta jarabawar akantoci ta ACCA, na gama karanta littafin kaf, har da jan layi da biro kala uku, amma tambayar haɗa asusun rukuni guda biyu kacal na taɓa yi da hannuna, su ma ina yi ina leƙen amsa a bayan littafi. Sakamako ya fito 46. Maki 50 ake nema, to 46 da 20 duk ɗaya ne, kuɗin rajista dai ya tafi kuma da fam ɗin Ingila ake biya, kowa ya san yadda naira take a gabansa. A zama na biyu ban ƙara ko shafi ɗaya na sabon karatu ba, tsarin kawai na canja, kuma shi ne zan shimfiɗa a nan. Na ɗauki FR ne don ita na sani ciki da waje, kuma ACCA na yin jarabawa sau huɗu a shekara, Maris da Yuni da Satumba da Disamba, wato tsakanin zama da zama kusan sati 12 ne dama. Mai rubuta ICAN, jarabawar akantoci ta Najeriya, zai iya ɗaukar ƙashin tsarin, sai dai ya duba yadda tasa takardar ta raba maki, kuma Pathfinder, kundin tsofaffin tambayoyin ICAN, ne zai zame masa abin da zan kira littafin tambayoyi.

Fara da sanin takardar

Awa uku ce a kwamfuta, maki 100. Sashen A tambaya 15 kowace maki 2, Sashen B labari uku kowane da tambaya biyar masu maki 2, wato 30 da 30. Sashen C tambaya biyu ce dogaye, 20 da 20, ɗaya ta shirya asusu, ko na kamfani guda ko na rukuni, ɗayar kuma ta fassara asusu da reshiyo. A da B babu rabin maki, in aka ce zaɓi biyu ka dace da ɗaya ka kuskure ɗaya to sifili ne, amma kuma ba a rage maka komai don ka yi kuskure, saboda haka ba a barin tambaya babu amsa. A Sashen C ne mutum ke duba aikinka yana ba ka maki mataki mataki, ko da jimillar ƙarshe ba ta yi daidai ba.

Raba minti 180 da maki 100, kowane maki minti 1.8 ne. A minti 54, B minti 54, kowace tambayar C minti 36. Rubuta wannan ka manna a bango, don daga satin farko da agogo za ka riƙa aiki.

Sai littafi. Littafin tambayoyi na BPP ko Kaplan, ɗaya ya isa, kada ka sayi biyu kana jin kamar karatu ka yi. Amma duba shekarar da ke bayansa, silabus ɗin FR daga Satumba yake tafiya zuwa Yuni, kuma ƙa'idoji na canjawa, misali IFRS 18 da aka fitar a 2024 ta zo ta maye gurbin IAS 1 wajen tsarin gabatar da asusu. In wani abokin aiki ya ba ka tsohon littafinsa na gado ka karɓa ka yi godiya, sannan ka sauke silabus na zamanka daga shafin ACCA ka gwada su kafin ka dogara da shi.

Sati 12 ɗin ba 12 ba ne

Nan ne yawancin jadawalin da ake yaɗawa ke yaudarar ma'aikaci. Kai akanta ne, duk farkon wata akwai rufe littafin watan da ya wuce, ga albashi, ga PAYE kafin ranar 10, ga VAT kafin 21, oga kuma ba ruwansa da cewa kana da jarabawa. Ɗauki kalanda ka ƙirga baya. In Disamba za ka rubuta, satin farko na watan ake yi, to satinka na 1 yana faɗawa wajen tsakiyar Satumba, kuma za ka ga rufe wata ya faɗo maka wajen sati na 4, na 8, da na 12. Eh, na 12, satin jarabawar kanta. Saboda haka aikin farko tun kafin ka buɗe littafi shi ne ka rubuta takardar neman hutu na kwana huɗu ko biyar na wannan satin, ka kai wa oga yanzu yanzu, ka kuma daidaita da wanda zai riƙe maka teburinka. In ka bari sai ƙarshen Nuwamba, amsar da za ka samu ita ce ka bari a gama rufewa tukuna.

Awannin kuma ga yadda nake lissafa su. Bayan sallar Asuba minti 75, kwana huɗu a sati, awa biyar ke nan, na bar kwana ɗaya saboda dole wata rana za ka makara. Asabar awa huɗu, Lahadi awa uku. Sha biyu a sati. Sati tara cikakku sun ba ka 108, sati na 4 da na 8 rabi rabi wato 12 a haɗe, satin ƙarshe kamar 10, duka wajen awa 130. Ba su da yawa, amma sun isa in ba ka zubar da su wajen kwafe littafi a wani littafin ba.

Me ya sa safe ba dare ba? Don na gwada daren. Ka taso ofis ƙarfe shida, cunkoso, Magariba, abinci, yara, Isha, ka zauna tara da rabi kana kallon IFRS 9 ita ma tana kallonka. Dare na tambayoyin Sashen A ne a waya, biyar ko goma, in ka samu dama. Wata 'yar'uwa da muka yi karatu tare ita safen ne ba ta da shi sam saboda shirin yara na makaranta, sai ta mayar da nata awa ɗaya a ofis kafin kowa ya iso da rabin lokacin cin abinci, ya kuma yi mata. Abin dai a samu lokacin da kai bai gaji ba, kuma ya zama lokaci ɗaya kullum. Biki da suna da ta'aziyya kuwa za su zo, ba makawa, zaɓi wanda ba ya ƙetaruwa ka je, ka rama awannin ranar Lahadi, sauran a kira a waya a ba da haƙuri. In azumi ya faɗo cikin satukanka, bayan sahur ya fi ko'ina daɗin karatu, yamma kuwa ka manta da ita.

Kowane zama kashi ɗaya karatu, kashi biyu tambaya. Minti 25 ka karanta ƙa'ida, minti 50 kana amsa tambayoyi a kanta a ranar. Kuma ka tanadi ƙaramin littafi na kurakurai, duk tambayar da ka faɗi ka rubuta layi ɗaya: lambarta, da dalili. Dalilan huɗu ne kawai, ban san ƙa'idar ba, na sani na manta, ban karanta tambayar da kyau ba, lokaci ya ƙare. Zan dawo kan wannan littafin, shi ne zai ja ragamar satukan ƙarshe.

Sati na 1: kadarori

Tsarin tushe na ƙa'idojin, wato Conceptual Framework, ka ba shi zama ɗaya ka wuce, za ka riƙa haɗuwa da shi a hanya. Sauran satin na kadarori ne: IAS 16, IAS 38, IAS 36, sai ƙananan da ke maƙale da su irin su IAS 23 da IAS 20 da IAS 40. Ka fi ba da ƙarfi wajen sake kimanta kadara a tsakiyar shekara da yadda ragin daraja ke canjawa bayan nan, don wannan zai biyo ka har cikin Sashen C. Kada ka daɗe, yawancin wannan ka taɓa gani a takardar FA, wato Financial Accounting, ko a jami'a.

Sati na 2 da na 3: haɗa asusun rukuni

Littattafai suna ajiye wannan can wajen ƙarshe, ni kuma na jawo shi gaba da gangan. Dalili, ba abin haddacewa ba ne, aikin hannu ne kamar ɗinki, sai an maimaita, kuma in ka koye shi a sati na 3 kana da sati tara na yin tambaya ɗaya duk Asabar. In ka bari sai sati na 9 sau uku za ka yi shi ka shiga. Ga shi kuma yana fitowa a A da B, har tambayar fassara ma sau da yawa a kan rukuni ake gina ta, kamfani ya sayi wani ko ya sayar.

Bari mu yi guda tare, da naira don sauƙi, a jarabawa dala za ka gani. Kamfanin Uwa ya sayi kashi 80 na kamfanin 'Ya ranar 1 ga Afrilu, shekarar kuɗinsu tana ƙarewa 30 ga Satumba, wato wata shida da saye. 'Ya tana da hannun jari miliyan 10 na naira ɗaya ɗaya. Uwa ta biya miliyan 24 a take, za ta ƙara miliyan 11 bayan shekara guda, kuɗin ruwa kashi 10. Farashin hannun jarin 'Ya ranar saye naira 4 ne, kuma da shi ake kimanta masu ƙaramin kaso, waɗanda za ka gani a allo da sunan NCI. Ribar da 'Ya ta tara a farkon shekara miliyan 14, ribar bana miliyan 6 kuma ta shigo daidai wa daida duk wata. Akwai injin da darajarsa ta kasuwa ta fi ta littafi da miliyan 4, saura shekara huɗu ya gama aiki.

Fara da abin da aka biya. Miliyan 11 ɗin nan ba yau za a ba da ita ba, to sai a dawo da ita darajar yau, 11 raba 1.1, miliyan 10. An biya 34 ke nan. Masu ƙaramin kaso suna da hannun jari miliyan 2 sau naira 4, miliyan 8. Sai dukiyar 'Ya ranar saye: jari 10, ribar da aka tara 14, da rabin ribar bana 3 don wata shidan farko kafin saye ne, da ƙarin darajar inji 4, jimilla 31. Gudwil shi ne 34 da 8 a cire 31, miliyan 11.

Har nan yawancin mutane suna zuwa lafiya. Bayan saye ne ake zubar da maki. Ribar 'Ya ta wata shidan baya miliyan 3 ce, amma injin da muka ɗaga darajarsa da 4 yana buƙatar ƙarin ragin daraja, 4 raba shekara huɗu sau rabin shekara, 0.5. Saura 2.5. Sannan a ce 'Ya ta sayar wa Uwa kaya na miliyan 5 bayan saye, ta ɗora kashi 25 a kan kuɗin da ta saya, kuma kashi 40 na kayan suna nan a siton Uwa ranar rufe shekara. Kayan miliyan 2 ke nan, ribar da ke cikinsu 2 sau 25 raba 125, wato 0.4, riba ce da rukuni ya ci daga aljihunsa na dama zuwa na hagu, dole a cire ta. Tunda 'Ya ce ta sayar, daga ribarta ake cirewa, saura 2.1. Masu ƙaramin kaso su ɗauki kashi 20, 0.42, su zama 8.42 a asusun ƙarshe, rukuni ya ɗauki 1.68. Da Uwa ce ta sayar da kayan, da 0.4 ɗin gaba ɗaya a kan ribar Uwa zai faɗa, masu ƙaramin kaso ba abin da ya shafe su. Sai na ƙarshe da kusan kowa ke mantawa, bashin miliyan 10 ɗin can ya yi wata shida yana girma, 10 sau kashi 10 sau rabi, 0.5, a cire shi daga ribar Uwa a matsayin kuɗin ruwa, bashin ya koma 10.5.

Lura da kalma ɗaya. In allo ya ce mark-up 25% to 25 bisa 125 ne, in ya ce margin 25% to 25 bisa 100 ne kai tsaye, amsar ta koma 0.5. A Sashen A za ka tarar duka biyun suna cikin zaɓi suna jiranka.

Yanzu a ce ka manta ka dawo da 11 zuwa 10, gudwil ɗinka ya fito 12. A Sashen C makin wannan layin kawai ka rasa, duk inda ka ɗauki 12 ɗin ka kai daidai za a ba ka makinsa, da sharaɗin mai dubawa ya ga daga ina ta fito. Shi ya sa tun yanzu a kwamfuta za ka riƙa yin waɗannan, a ACCA Practice Platform, don shafin lissafin jarabawar yana kama da Excel amma ba shi ba ne, wasu gajerun hanyoyin da hannunka ya saba a ofis ba za ka same su ba. Kuma kada ka lissafa a kalkuleta ka buga amsa tsirara, buga lissafin a cikin akwatin:

```
=11/1.1
=5*0.4*25/125
=SUM(B2:B5)
```

Sati na 2 ka tsaya kan asusun kadara da bashi na rukuni, sati na 3 asusun riba da asara, inda wata shida ɗin nan ke nufin rabin cinikin 'Ya da rabin kashe-kashenta kawai za ka haɗa, sai kamfanin da ake da babban tasiri a kansa ba tare da mallaka ba a IAS 28, da sayar da 'Ya. Kafin ka fita sati na 3 ka tabbata ka yi cikakkun tambayoyi shida, biyun farko da littafi a buɗe ba laifi, sauran huɗun a rufe.

Sati na 4 zuwa na 8

Na 4 satin rufe wata ne, awa shida, to ka ba shi ƙananan ƙa'idoji masu shiga a zama ɗaya: IAS 2, IAS 37, IAS 10, IAS 8. Asabar tambayar rukuni ɗaya da agogo, shi ke nan.

Sati na 5 IFRS 15 ta kuɗin shiga da IFRS 16 ta haya. A ta kuɗin shiga matakai biyar ne, kada ka tsaya ga haddace su, yi tambayoyin da ake sayar da kaya haɗe da gyara na shekara biyu a farashi ɗaya, da na kwangilar da ke ɗaukar lokaci. A ta haya kuwa teburin bashin ne komai, ka yi shi har hannunka ya rarrabe biya a farkon shekara da biya a ƙarshenta ba tare da tunani ba, ka kuma tuna sai ka ja teburin zuwa shekara ta biyu kafin ka iya raba bashin kusa da na nesa.

Sati na 6 shi ne mai ɗaci, IFRS 9 da IAS 32, haraji a IAS 12, ribar kowane hannun jari a IAS 33, sai kuɗin waje. Takardar bashin da ake iya juyawa ta koma hannun jari tana yawan fitowa, kuma hanyarta ɗaya ce da abin da muka yi wa miliyan 11 ɗazu, a dawo da kuɗin gaba zuwa darajar yau da ruwan bashi na yau da kullum, abin da ya rage ya tafi jari. In satin ya ƙare wani abu bai zauna ba, rubuta shi a littafin kurakurai ka wuce. Wallahi na san mutumin da ya yi sati uku a kan harajin da aka jinkirta, abin da a tambaya ɗaya da ƙyar ya kai maki huɗu.

Sati na 7 ka haɗa duk abin da ka koya a tambayar kamfani guda daga tirayal balans, da asusun shige da ficen kuɗi na IAS 7. Dabarar ita ce ka fara zuba lambobin da ba su da gyara a gurbinsu, cikin minti biyar ka kwashi makin banza, sannan ka bi bayanan gyara ɗaya bayan ɗaya, kowanne ka kai shi wuri biyu kafin ka taɓa na gaba. Wanda ya gagare ka tsallake shi. In asusun bai daidaita ba a minti na 36, ka bar shi haka.

Na 8 rufe wata ne kuma, sai na ba shi tambayar fassara, don ita ba ta son dogon zama, tana son a yi ta sau da yawa. Kuma ita ce 'yan lissafi ke rainawa alhali maki 20 ce cif. Lissafa reshiyo ɗin kaɗan ne daga makin, mafi yawa na bayani ne. Misali ribar farko, wato gross profit margin, ta sauka daga kashi 30 zuwa 24. Wanda ya rubuta cewa ta ragu da kashi shida kuma wannan ba shi da kyau, bai faɗa wa mai dubawa abin da bai gani da idonsa ba. Koma cikin labarin, za ka ga an ce kamfanin ya sayi wata 'Ya mai sayar da kaya a sari a tsakiyar shekara. To ka ce ribar ta sauka ne mai yiwuwa don sari ribarsa siririya ce, ka cire lambobin 'Yar ka nuna ko tsohuwar sana'ar tana nan a 30 ɗinta, ka ƙara da cewa ribar wata shida kawai aka haɗa amma kadarorinta gaba ɗaya sun shigo, saboda haka ROCE, wato riba a kan jarin da aka zuba, na bana ya fi gaskiya muni kuma baɗi zai iya gyaruwa. Magana uku ke nan masu maki daga abu ɗaya. Duk reshiyo ka tambayi kanka me ya jawo, kuma ina ruwan wanda ya nemi rahoton da shi, banki ne ko mai son sayen kamfanin. Rubuta da kanun magana, gajerun sakin layi, ka rufe da shawara. Bayan rufe watan ka ci gaba da yin guda ɗaya duk Lahadi har ƙarshe.

Wanda ya rubuta wata takarda a Satumba, sakamakonsa zai fito wajen tsakiyar Oktoba, wato kana sati na 5 ko na 6. In ta zo ba daɗi kada ka rusa tsarin nan a ranar ka ce za ka haɗa biyu, kwana biyu tukuna, sannan ka ƙirga awanninka da gaske.

Sati na 9 zuwa na 11: gwaji

Daga nan babu sabon karatu. Asabar ta sati na 9 gwaji na farko, awa uku cur, waya a kashe a wani ɗaki, kwamfuta cike da caji don kada a ɗauke wuta a minti na 100 ka samu uzuri. In gida ba zai yiwu ba je ofis, Asabar ba kowa. Lahadi kuma dubawa, ita ma awa uku, kuma ta fi gwajin amfani. Ka duba da tsarin makin da aka bayar, ka yi wa kanka rowa.

A ce ka samu 43: A 16, B 12, C 15. Kada ka ce kai 43 saura 7 ka koma shafi na ɗaya. Buɗe shi. A Sashen A ka faɗi tambaya bakwai, littafin kurakurai ya nuna huɗu daga ciki rashin karantawa ne, an ce wanne ne BA daidai ba ka zaɓi wanda yake daidai, ko kwanan wata ya nuna wata tara ka lissafa shekara. Maki takwas ke nan da ba karatu suke nema ba, sai dai ka koyi karanta layin tambaya na ƙarshe kafin labarin. A Sashen B ka ga labari ɗaya a kan haya ka samu 2 cikin 10, wannan rami ne na gaske, safiya biyu na satin nan nasa ne. A Sashen C ka samu 12 a ta rukuni, 3 a ta fassara, don ka ci minti 55 kana neman abin da ya hana asusu daidaita, ka bar wa ɗayar minti 17. Wannan ba rashin sani ba ne, agogo ne, kuma maki biyun da kake fafutukar nema a can sun jawo maka asarar bakwai ko takwas a nan. Ka ga yanzu satin yana da aiki takamaimai guda uku.

Haka za ka yi sati na 10 da na 11, gwaji Asabar, dubawa Lahadi, safiyoyin sati na toshe abin da gwajin ya tona. A ɗaya daga cikinsu gwada fara da Sashen C, wasu ya fi musu tun kai na sabo, wasu kuma yana cinye musu lokacin A da B, a gwaji ake gane wane ne kai ba a zauren jarabawa ba. Karanta rahoton mai jarabawa na zama biyu ko uku da suka wuce, suna shafin ACCA kyauta, yana ɗaukar tambayoyin da mutane suka faɗi yana nuna inda suka zame. In gwaji na uku ya kai 55 zuwa sama da duba na gaskiya, kana kan hanya. In yana ƙasa da 45 duba ko har yanzu akwai tambayar da ba ka gamawa, don yawanci nan makin ke maƙalewa, sai ka mayar da safiyoyin da suka rage kan rabin tambayoyin C da agogo, minti 18 ka tsaya ko kana tsakiyar layi.

Sati na 12

Hutun nan da ka nema tun Satumba ya zo. Kashe sanarwar guruf ɗin ofis, in ba haka ba za a ce minti biyar kawai ka duba mana wannan rikonsiliyeshan. Babu cikakken gwaji a kwana ukun ƙarshe. Karanta littafin kurakuranka daga farko, sake yin tambayoyin da ka faɗi sau biyu, rubuta tsarin gudwil da na NCI da teburin haya da ka a farar takarda kowace safiya, minti goma ya isa. Ka mayar da barcinka daidai da lokacin jarabawar. Jajibiri da rana ka fitar da takardar shiga daga myACCA, ka haɗa ta da katin shaida mai hoto da kalkuletar da ka yi sati 12 da ita, ba sabuwa ba, ka duba cewa ba mai ajiye rubutu ba ce, in kuma ba ka taɓa zuwa cibiyar ba ka je ka ga ƙofarta da idonka ka san minti nawa hanyar ke ci da safe. A cikin zaure, da agogo ya fara rubuta lokutan tsayawarka a takardar da aka ba ka, 54, 108, 144, duk tambayar A da ta wuce minti huɗu ka zaɓi amsa ka danna Flag for Review ka tafi, in lokaci ya rage a ƙarshe ka dawo mata.